Waƙafin Sama Ba Ya Haifar da Jam'i

'Yan uwa malamai, bari mu fara da laifin kanmu kafin mu taɓo na kowa. A zangon karatun da ya wuce, wannan reshe ya aika da takardar gayyata zuwa makarantu, kuma layinta na farko cewa ya yi: "All HM's and PTA's are invited." Kwana biyu bayan haka sai ga takardar ta dawo ofis. Wata malama mai koyar da Ingilishi ta zagaye wurare biyu da jan biro, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba. Daga nan gardama ta tashi a ɗakunan malamai. Wasu suka ce neman suna ne kawai, tunda babu hedimastan da ya kasa gane cewa shi ake kira. Wasu suka ce haka aka koya musu tun suna 'yan firamare, kuma sun sha ganin irin wannan rubutu a littattafan da aka buga a Ingila da Amurka. Ita kuwa malamar, da aka matsa mata, sai ta ce wannan rubutu bai taɓa zama daidai ba a tarihin harshen Ingilishi.

Matsayinmu shi ne malamar ta yi daidai da ta zagaye, amma hujjar da ta bayar ba ta tsaya da ƙafarta ba. Muna kuma ganin cewa malamin da ya riƙe ƙa'ida ba tare da sanin dalilinta ba, ranar da ɗalibi mai wayo ya ɗauko masa tsohon littafi ya buɗe a gabansa, kunya ce za ta biyo baya. Saboda haka ya kamata mu san abin da muke hanawa, da abin da ya sa muke hana shi, da kuma 'yan wuraren da hanin bai kai ba.

Alamar da ake magana a kanta ita ce ɗan waƙafin nan da ke rataye a saman layi, wanda Turawa ke kira afostirofi, mu kuwa za mu kira shi waƙafin sama. Ta shiga rubutun Ingilishi ne a ƙarni na 16 ta hannun masu ɗab'i da suka kwaikwayi Faransawa, kuma ana danganta yaɗuwarta a Faransa da wani maɗabbaci mai suna Geoffroy Tory, wanda littafinsa ya fito a 1529. Aikinta na asali guda ɗaya ne: ta tsaya a gurbin harafin da aka cire, kamar yadda take yi har gobe a cikin don't da it's. Aikinta na biyu, wato nuna mallaka, daga na farkon ya tsiro. Tsohon Ingilishi yana nuna mallakar kalmomi da yawa da ɗafin -es. Da wasalin ya faɗi daga furuci, sai aka riƙa sa alamar a inda yake, har ta zama ita ce shaidar mallaka. Ayyukanta ke nan guda biyu, cike gurbi da mallaka. Jam'i ba ya cikinsu. Baturen da ke son ya mayar da littafi ɗaya littattafai, harafin s kawai yake liƙawa, kuma gajartaccen suna irin CD ko HM ko LGA suna ne kamar kowane suna. Ana cewa CDs, HMs, LGAs: manyan baƙaƙe, sa'an nan ƙaramin s a manne da su, babu komai a tsakani.

Muna da hanya mai sauƙi ta koyar da wannan ga yaron da Hausa ce harshensa, domin harshenmu ya riga ya raba abin da Ingilishi ya cakuɗa a cikin sauti ɗaya. A kunne, HMs da HM's da HMs' duk ɗaya ne. A Hausa kuwa ba mai rikita "su hedimasta" da "na hedimasta". To sai a ce wa yaro: duk inda za ka liƙa s a bayan gajartaccen suna, ka tsaya ka tambayi kanka, su nake nufi ko na? In su ne, wato mutane ko abubuwa da yawa, ka rubuta HMs. In na ne ko ta, wato abin mutum ɗaya, kamar ofishin hedimasta, ka rubuta the HM's office. In kuwa na su ne, wato abin da mutane da yawa suka mallaka, kamar taron su hedimasta, alamar sai ta koma bayan s ɗin: the HMs' meeting. Siga uku, ma'ana uku. Akwai ta huɗu, inda the HM's late ke nufin hedimasta ya makara, domin an haɗiye harafin farko na is. Wannan ta maganar baka ce da wasiƙar aboki, ba ta takardar ofis ba.

Duk wanda ya sa waƙafin sama a jam'i, ya rushe wannan tsari, domin ya ɗauki sigar mallakar tilo ya ba ta aikin da ba nata ba. Masu cewa ai kowa ya gane suna da gaskiya a kan takardar gayyatarmu, amma ba kowace takarda ce takardar gayyata ba. A ɗauka makarantun firamare uku a unguwa ɗaya suna shan ruwa daga rijiyar burtsatse guda, ta lalace, aka kira ƙungiyoyin iyaye da malamai na makarantun uku domin a raba kuɗin gyara. Magatakardan taro, wanda ya saba sa alamar ko'ina, ya rubuta: "The PTA's met on Monday. The PTA's share is N90,000." Bayan wata uku, lokacin da kowa ya manta abin da aka faɗa da baki, aka ɗauko takardar. Mai aikin gyara ya karanta jimla ta biyu bisa ƙa'ida: kason ƙungiya ɗaya naira 90,000 ne, ƙungiyoyi uku ke nan naira 270,000. Shugabannin iyaye kuwa suka nuna jimla ta farko, suka ce ga shi nan magatakarda yana rubuta PTA's ne in yana nufin dukkansu, saboda haka naira 90,000 ɗin tasu ce a haɗe, kowace ƙungiya naira 30,000. Bambancin naira 180,000 ne, kuma babu wanda za a ce ya yi ƙarya, domin takardar ta ba kowa hujja. Da an rubuta "The PTAs met" sa'an nan "The PTAs' share", da an san na su ne. Da kuma an rubuta "Each PTA's share", da an san na kowace ɗaya ce. Mun yarda cewa magatakarda mai lura zai ƙara kalmar da za ta toshe kowace kafa, amma alamar ita ce mai gadi na farko, kuma wanda ya riga ya kashe ta a kan jam'i ba shi da ita ranar da mallaka ta zo.

Haka abin yake a wajen shekaru. Mu a Hausa ba mu da wannan wahala: mukan ce shekarun 1990, magana ta ƙare. A Ingilishi kuwa zangon shekaru goma jam'i ne, wato 1990 da 1991 har zuwa 1999, saboda haka the 1990s ake rubutawa. Wanda ya rubuta 1990's ya faɗi wani abu dabam, ya ce abin da shekarar 1990 ita kaɗai ta mallaka. Malamin tarihi da ya rubuta a allo "1960's leaders" yana nufin shugabannin zangon gaba ɗaya, bisa ƙa'ida ya taƙaita kansa ga waɗanda ke kan mulki a shekarar samun 'yancin kai, ya fitar da duk waɗanda suka zo bayan juyin mulkin 1966. Shekarun haihuwa ma haka suke: in her 40s, ba tare da alama ba. Wuri ɗaya ne waƙafin sama ke da hurumi a nan, shi ne idan an yanke lambobi biyu na farko. Wanda ya gajarta 1990s ya rubuta '90s, domin a gaba aka cire 19, kuma alamar a gurbin abin da aka cire take tsayawa. Rubuta 90's kuskure ne ninki biyu: an bar gurbin da ke neman alama fanko, an kai ta inda ba a cire komai ba. Wannan ne muka fi gani a jikin katunan taron tsofaffin ɗalibai, tare da ɗan uwansa "Class of 98'", wanda ya kamata ya zama Class of '98.

Yanzu mu saurari 'yan uwanmu da suka ce sun gani a littafi. Ba mafarki suka yi ba, kuma a nan ne hujjar malamarmu ta gaza. A ƙarni na 17 da na 18, marubuta masu ilimi a Ingila sun riƙa sa waƙafin sama a jam'in kalmomin aro da ke ƙarewa da wasali, suna rubuta folio's da comma's ba tare da kowa ya ɗaga gira ba. A ƙarni na 20 kuma, rubuta jam'in haruffa da lambobi da gajartattun sunaye da wannan alama al'ada ce da littattafan nahawu da yawa suka koyar, musamman a Amurka. Jaridar New York Times, wadda ba a zarginta da sakaci a harkar rubutu, ta shekara da shekaru tana buga 1980's kafin ta daina. Saboda haka malamin da ya yi karatu a hannun wanda ya yi karatu da waɗannan littattafai, gado ya ci, ba jahilci ba ne ya same shi. Ko a yau ma, wanda ya ga cd's ko foto's a jikin kwalin kaya daga ƙasar Holan kada ya yi saurin dariya, domin a harshensu wannan ita ce ƙa'ida.

Abin tambaya shi ne me ya sa aka yi hakan a da, kuma ko dalilin yana nan. Babban dalili shi ne aya. A da, gajartattun sunaye da ɗigo a bayan kowane harafi ake rubuta su: M.A., Ph.D., H.M. Idan aka liƙa s a bayan ɗigon ƙarshe, aka sami M.A.s, ido yakan ɗauka s ɗin wani harafi ne na uku a cikin sunan, wanda aka manta ba a sa masa nasa ɗigon ba. Sai aka kawo waƙafin sama ya zama shinge tsakanin sunan da ɗafinsa. Wannan dalili ne mai kyau, kuma shi ya sa har yanzu ita jaridar ta New York take riƙe da alamar a irin M.D.'s, alhali ta sauke ta daga DVDs da 1990s. To amma mu yaushe rabon da mu rubuta N.U.T. ko W.A.E.C. da ɗigo-ɗigo? An daina. Da ɗigon ya tafi, bambancin babban baƙi da ƙarami ya isa shinge: duk mai ido ya ga LGAs ya san inda sunan ya ƙare da inda jam'i ya fara. Sanda ce da aka yanko wa mai ciwon ƙafa. Ƙafa ta warke, wasunmu suna nan suna dogara ta.

Manyan littattafan da masu ɗab'i ke bi a yau sun haɗu a kan wannan. Na jami'ar Oxford, wanda ake kira New Hart's Rules, da na jami'ar Chicago, da na kamfanin dillancin labarai na AP, dukkansu CDs da 1990s suke koyarwa. Ba kasafai Ingila da Amurka ke yin baki ɗaya a kan alamomin rubutu ba, amma a nan sun yi.

Hujja ta biyu ta abokan gardamarmu ta fi ta farko nauyi, kuma daga masu rubuta kyallen sanarwa take fitowa. Sukan ce: ku kuna magana a kan rubutun littafi, mu kuwa da manyan baƙaƙe zalla muke rubutu, kuma in muka cire alamar sai ma'ana ta gudu. Gaskiya ne. A ƙasar nan, wanda ya rubuta CDS da manyan baƙaƙe yana nufin faya-fayai, soja zai karanta babban hafsan tsaro, ɗan bautar ƙasa kuma zai karanta aikin raya al'umma da yake fita yi ranar da aka ware masa. HMS ma ba su hedimasta ba ne a idon Bature, laƙabin jiragen ruwan yaƙin Ingila ne. Sai dai maganin wannan ba ya hannun waƙafin sama. Mai fenti yana iya rage tsawon s ɗin ƙarshe, ya rubuta HMs ko da sauran layin duk manya ne, kuma haka masu buga kanun jaridu da yawa suke yi. In wuri ya isa, ya rubuta kalmar a cike. Wannan shawara ta biyu ita ce kuma ta dace da sunayen da suka riga suka ƙare da S, waɗanda muke da su jibgi a aikinmu: JSS, SSS, SMS, POS. Babu mai jin daɗin ganin JSSs, mun sani, amma JSS's bai fi shi kyau ba, kuma ya ƙara da ƙaryar mallaka. A rubuta junior secondary schools, ko SMS messages, a wuce wurin.

Akwai wuri ɗaya da muke miƙa wuya, kuma muna so kowane malami ya san shi don kada ya zagaye abin da yake daidai. Shi ne jam'in harafi guda, musamman ƙarami. In kana so ka ce wa yaro ya ɗiga wa haruffan i ɗinsa ɗigo, ba ka da hanyar rubuta jam'in i sai i's, domin in ka cire alamar ka rubuta is, wadda kalma ce dabam. Haka a's zai koma as, u's ya koma us. A nan alamar tana hana tuntuɓe ne, kuma littattafan nan uku duk sun yarda da ita. A kan babban harafi guda kuwa sun taɓa rabuwa: AP na rubuta A's, Chicago kuma a da takan bar alamar in babu ruɗani, kamar a the three Rs. Ɗalibin da ya rubuta five A's bai yi laifi ba, musamman da yake As a farkon jimla kalma ce mai zaman kanta. Amma da zarar an haɗa harafi da lamba, kamar yadda sakamakon jarrabawarmu yake zuwa, ruɗani ya kau, sai a koma ga ƙa'ida: five A1s, two C6s, da kuma wanda ba ma fata ga kowane ɗa, three F9s. Iyakar rangwamen ke nan. Ma'auninsa kuwa ɗaya ne: in an cire alamar, shin abin da ya rage zai rikiɗe ya zama wata kalma? In a'a, a cire.

Saura masu cewa duk wannan ɓata lokaci ne, ga albashi bai isa ba, ga aji mai yara ɗari, wa ke da sukunin waƙafi? Ba mu raina wannan magana ba, kuma shafukan wannan mujalla shaida ne cewa ba mu yi shiru a kan albashi da cunkoson aji ba. Amma wanda ke biyan kuɗin sakacinmu a nan ba gwamnati ba ce, ɗalibi ne. Waɗanda suka taɓa zama a teburin duba takardun WAEC a cikinmu sun san yadda ake raba maki 50 na insha'in Ingilishi: 10 na abin da aka faɗa, 10 na tsari, 20 na iya bayani, 10 kuma na tsabtar rubutu, wato nahawu da haɗa baƙi da alamomi. A wannan kashi na ƙarshe, duk kuskuren da aka zagaye rabin maki ne ya tafi, kuskure 20 ya cinye goman ƙurmus, kuma yaranmu da yawa sifili suke tashi da shi a nan. Mai yiwuwa wani mai dubawa, wanda shi ma tsohuwar makaranta ya yi, ya ga NGO's a matsayin jam'i ya kau da kai. Mai yiwuwa na kusa da shi ya zagaye. Amma babu mai dubawa a duniya da zai zagaye NGOs. Siga ɗaya tana iya jawo asara, ɗayar ba ta iyawa. Wane uba ne, in an ba shi zaɓi, zai ce a koya wa ɗansa ta farkon?

Ɓarnar kuma ba ta tsayawa a kan gajartattun sunaye. Yaro ba ya haddace togaciya, abin da ya gani a allo yake faɗaɗawa. In ya ga malaminsa ya rubuta CD's da ATM's, darasin da yake ɗauka shi ne duk s ta ƙarshe da rakiyar waƙafi take tafiya. Gobe sai ya rubuta video's da photo's, domin su ma baƙin abu ne a idonsa. Jibi ya kai ga book's da teacher's. Turawa suna da suna na ba'a ga wannan kuskure, suna kiransa waƙafin mai kayan gwari, saboda yawan ganinsa a allunan farashin tumatir da ayaba a kasuwanninsu. Abin ya dame su har wani tsohon ɗan jarida mai suna John Richards ya kafa ƙungiya a 2001 don kare alamar, kuma littafin Lynne Truss a kan alamomin rubutu, wanda ya fito a 2003, ya yi kasuwa ƙwarai. Ba muna kira a kafa irin wannan ƙungiya a nan ba. Muna da isassun tarurruka. Abin da muke cewa shi ne mai kayan gwari yana da uzuri, domin tumatir yake sayarwa. Mu rubutu muke sayarwa.

Akwai kuma dalilin da ya sa yaron Bahaushe ya fi wasu saurin faɗawa wannan rami, kuma malaman Hausa ne ya kamata su taimaka a nan. A rubutunmu na boko, wannan alama harafi ce. Ita ce alhamza a cikin sa'a da ma'aikaci da jama'a, ita ce kuma ke raba 'ya da ya. Ana furta ta, kuma in aka cire ta kalma ta canza ko ta lalace. Yaron da ya tashi da wannan yakan ɗauki alamar a matsayin wani ɓangare na jikin kalma, abin da ake haddacewa tare da baƙaƙe. In ya ga PTA's sau uku a allon sanarwa, sai ya adana ta a ransa haka, kamar yadda ya adana sana'a. Dole a gaya masa a fili cewa a Ingilishi alamar ba ta da sauti, ba ta cikin kalma, zuwa take yi ta yi aiki ta tafi, kuma kafin ya sa ta sai ya iya faɗin aikin da ta zo yi: wane harafi aka cire, ko wa ya mallaki me. In ba shi da amsar ɗaya daga cikin biyun, ya ɗauke hannunsa.

Tunda mun ambaci alhamza, ga wata 'yar matsala da ta haɗa '90s da 'yan makaranta, wadda masu buga mana takardu ke fama da ita. Manhajar rubutu ta kwamfuta, in ta ga an buga alamar a farkon kalma, takan ɗauka zance za a buɗe, sai ta juya ta ta zama mai kama da lamba 6, alhali wadda ake so ita ce mai kama da lamba 9. Shi ya sa ake ganin ‘90s da ‘yan a takardun da aka buga, maimakon ’90s da ’yan. Gyaran ba shi da wuya: a buga alamar sau biyu a jere, ta biyun za ta fito daidai, sai a goge ta farkon.

Ga abin da muke nema, kuma za mu gabatar da shi a taron reshe mai zuwa. Takardun wannan reshe, daga gayyata har zuwa takardar bayan taro da kyallen da muke ɗagawa ranar ma'aikata, su bi ƙa'ida ɗaya: babu waƙafin sama a jam'in gajartaccen suna ko na shekaru, sai a jam'in harafi guda. Shugabannin sashen Ingilishi su zauna da sauran malamai na rabin sa'a a farkon zango, domin yaro yana ganin allon malamin lissafi da na kimiyya fiye da yadda yake ganin na malamin Ingilishi, kuma a can ne LCM's da 1970's suka fi yawa. Kada a zagaye wa ɗalibi wannan kuskure da jan biro kafin a koya masa gwajin su da na, kada kuma a ce masa sigar da ya gani a tsohon littafi ƙarya ce; a ce masa ta tsufa, a gaya masa dalili. Takardar gayyatar nan kuwa mun sake buga ta, ta koma "All HMs and PTAs are invited", kuma kwafin da malama ta zagaye yana nan manne a allon sanarwa na ofishin reshe ga mai son gani.